Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman a Buɗe Shagon da Kasuwar Intanet ta Dakatar

Duk wanda ke sayar da kaya a kasuwannin intanet irin su Jumia, Konga ko Amazon ya san cewa shagonsa a hannun kamfani yake. Za ka iya wayar gari ka ga an sauke kayanka daga shafi, ba a karɓar sabuwar oda, kuɗin cinikinka kuma an riƙe shi. Na sha taya 'yan kasuwa rubuta wasiƙar neman a sake duba irin wannan hukunci, kuma abin da na fi so mai koyo ya riƙe shi ne wannan: wanda zai karanta wasiƙarka ma'aikaci ne da bai san ka ba, yana da tarin saƙonni a gabansa, kuma abu uku yake nema. Me ya jawo matsalar, me ka riga ka yi a kanta, me zai hana ta sake faruwa. Kowane ɗaya kuma yana son ya gan shi da takarda. Roƙo da rantsuwa da labarin iyali ba sa cikin abin da aka ba shi ikon yanke hukunci da su, komai tausayinsa.

Zan bi matakan da misalin mai sayar da kayan waya wanda aka dakatar saboda ƙorafin cewa cajar da ya sayar ba ta asali ba ce, domin wannan na cikin dakatarwa mafi wuyar warwarewa. Wanda ya iya rubuta wannan, na jinkirin aika kaya ko yawan soke oda ba zai ba shi wahala ba.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka rubuta ko kalma ɗaya

Na farko shi ne saƙon dakatarwar kansa, cikakke, da ranarsa da lambar da aka ba shi idan akwai. Ɗauki hotonsa daga allo ka ajiye, domin wani lokaci idan an rufe asusu ba ka iya komawa ciki ka sake ganinsa.

Sai bayanan shago: sunan da ka yi rajista da shi, lambar mai sayarwa, adireshin imel da lambar wayar da ke kan asusun. Sai jerin odar da ka karɓa a wata uku na baya, musamman waɗanda aka dawo da su ko aka yi ƙorafi a kansu, kowace da lambarta da ranarta. Sai rasit na inda ka sari kayan. Sai katin shaida, da takardar rajistar kasuwanci ta CAC idan kana da ita, da takardar banki mai nuna sunan asusun da ake biyan ka. Mai sayar da abinci, magani ko kayan shafa ya haɗa da lambar NAFDAC ta kayan. Sai ƙa'idojin masu sayarwa na kamfanin, waɗanda ka amince da su ranar da ka buɗe shago, ko da ba ka karanta su a lokacin ba.

Idan babu kwamfuta, waya ta isa. Idan babu na'urar ɗaukar takarda, shimfiɗa takardar a kan tebur da rana, ka ɗauka daga sama ta yadda kusurwa huɗun duk za su fito, babu inuwar hannu, babu yatsa a kan rubutu. Ka kuma tanadi littafi da biro, domin daftarin farko a takarda ya fi fitowa.

Mataki na 1: Ka karanta saƙon har ka iya faɗin laifin a jimla ɗaya

A ranar da aka dakatar da kai, kada ka aika komai. Zuciya na tafasa a lokacin, kuma saƙon farko da ka tura yana zama a cikin fayil ɗinka, duk wanda ya zo dubawa daga baya sai ya gan shi.

Karanta saƙon a natse ka gano wane irin dakatarwa ne. Akwai na takardu, inda sunan da ke kan katin shaida bai yi daidai da na banki ba, ko katin ya ƙare. Akwai na aiki, wato jinkirin aika kaya, yawan soke oda, yawan dawo da kaya. Akwai na kayan kansu, wato zargin jabu, ko sayar da abin da aka hana, ko amfani da suna da hoton wani kamfani ba izini. Akwai kuma na hali, kamar buɗe asusu biyu, ko jan mai saye zuwa WhatsApp don a yi ciniki a bayan kamfani, ko sa 'yan uwa su rubuta yabon ƙarya.

Kowanne da irin amsarsa. Na takardu ba ya bukatar doguwar wasiƙa, layi biyar da takardar da aka gyara sun isa. Na aiki kuwa da lissafi ake amsa shi. Amazon, alal misali, ta bayyana ma'auninta a fili: odar da aka samu matsala a kanta ta kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100, sokewa kafin aikawa ƙasa da kashi 2.5, jinkirin aikawa ƙasa da kashi 4. Sauran kasuwanni suna da nasu ma'aunin, ka nemo na wadda kake ciki a shafin masu sayarwa.

Idan saƙon bai faɗi dalili ba, sai dai ya ce ka saɓa ƙa'ida, to wasiƙarka ta farko tambaya ce kawai: wace ƙa'ida, wane kaya, wace oda. Kada ka hau ƙirƙiro laifi kana ba da haƙuri a kansa, domin kana iya tona wa kanka abin da ba shi ake magana ba.

Mataki na 2: Ka binciki kanka kafin su bincike ka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Ƙorafin mai saye alama ce kawai. Abin da kamfani ke nema shi ne ramin da ke cikin tsarin aikinka wanda ya bari abin ya faru.

Ga misalinmu. Mai shago ya sari caja iri ɗaya sau biyu. A watan Janairu ya ɗauki guda 40 a wurin dilan da kamfanin cajar ya amince da shi, aka ba shi rasit. A tsakiyar Fabrairu kaya suka yanke, oda kuma na shigowa, sai ya shiga kasuwa ya ɗauki guda 30 a wurin wani da ya yi masa ragi, ba rasit. A ranar 10 ga Maris aka dakatar da shi, bayan mutum biyar sun dawo da caja suna cewa tana zafi kuma ba ta cika waya da sauri.

Abin da za a yi shi ne a zana layi huɗu a littafi: lambar oda, ranar da aka aika, abin da mai saye ya ce, da kwalin da kayan suka fito. Da ya cike, sai ya ga duk biyar ɗin an aika su ne bayan 16 ga Fabrairu, wato daga sari na biyu. Daga guda 40 na farko ba a dawo da ko ɗaya ba. Ya sayar da 18 daga cikin 30 ɗin, saura 12 a shago. Sai ya ɗauko ɗaya daga ragowar ya ajiye kusa da wata ta asali. A ido kamar ɗaya suke. A hannu kuwa ta biyun ta fi sauƙi, rubutun da ke jikinta ya ɗan kauce kuma yana gogewa da farce, lambar da ke kan kwalayen guda 12 kuma duk iri ɗaya ce, alhali kowane kwali ya kamata ya zo da tasa. Wasu kamfanoni suna sa wurin kankarewa a kwali mai lambar da ake tantancewa a shafinsu. Idan kayanka na da shi, ka gwada ka ɗauki hoton sakamakon.

Yanzu ya san tushen matsalar, kuma ba "masu saye sun yi ƙorafi" ba ne. Tushen shi ne ya sari kaya a wurin da ba zai iya tabbatarwa ba, bai karɓi rasit ba, ya kuma sa su a sayarwa ba tare da ya gwada ba. Wannan jimlar ita ce zuciyar wasiƙar.

Idan binciken ya nuna kai ne da gaskiya, kayanka na asali ne kuma rasit na hannu, to kada ka amsa laifin da ba ka yi ba don a yi saurin buɗe maka. Ka ce ka bincika, ga abin da ka gani, ga takarda. Amma ko a nan ka duba me ya sa mai saye ya yi zato: wataƙila kamfanin da ke yin kayan ya canza launin kwali hotonka kuma tsohon ne, ko kwalin ya murƙushe a hanya. Wannan ma tushe ne, kuma ana gyara shi.

Mataki na 3: Ka gyara tukuna, sannan ka rubuta

Wasiƙar da ta cika da "zan yi" ba ta da ƙarfin wadda ta ce "na yi, ranar kaza". Kafin ka rubuta, yi abin da ke hannunka. A misalinmu, mai shago ya fitar da guda 12 ɗin daga cikin kayan sayarwa ya sa su a kwali daban ya rubuta a kai, ya ɗauki hoto. Ya amince da mayar wa mutum biyar ɗin kuɗinsu. Ya koma wurin dila na farko ya sari sabbi guda 40 da rasit. Ya sayi ɗan ƙaramin abin gwajin wuta da ake sa wa tsakanin caja da waya, ya buɗe littafin shigar kaya.

Akwai sauran mutum 13 da suka sayi caja daga sari na biyu kuma ba su yi magana ba. Caja mai zafi na iya ƙona waya, ko ma ta tayar da gobara a ɗakin da ake barci, don haka waɗannan mutane suna da haƙƙi a kansa ko an buɗe shago ko ba a buɗe ba. Kada ya bi su a waya ta bayan fage, domin yawancin kasuwanni sun hana amfani da lambar mai saye don wani abu ban da kai kaya. Ya ba kamfanin lambobin odar ya ce a shirye yake ya canza musu ko ya biya.

Idan akwai odar da aka riga aka karɓa kafin dakatarwa kuma an bar maka damar aikawa, ka aika a kan lokaci. Barin ta zai ƙara maka laifi na biyu a kan na farko.

Mataki na 4: Ka shirya takardu

Rasit da kamfani zai yarda da shi ya ƙunshi sunan dila, adireshinsa, lambar wayarsa, rana, sunanka ko na shagonka daidai yadda yake a asusu, sunan kaya, da adadi. Adadin ya rufe yawan abin da ka sayar: idan ka sayar da 58 kuma rasit ɗinka na 40 ne, za a tambayi ina 18 suka fito, gara ka riga su faɗa. Amazon takan nemi rasit na cikin kwana 365 da suka wuce, kuma tana bari a rufe farashi, amma ban da shi ba a taɓa komai. Ka sanar da dilanka cewa ana iya kiransa, don kada a kira ya ce bai san ka ba.

To, idan babu rasit fa? Haka cinikin kasuwanninmu yake, daga Farm Centre a Kano har Alaba a Legas, da yawa a kan amana ake yi ba a rubuta komai. Akwai mafita ta halal. Koma wurin dilan ka nemi ya ba ka kwafi daga littafinsa idan ya rubuta cinikin. Idan bai rubuta ba, ya rubuta maka takarda mai ranar yau wadda ke tabbatar da cewa a ranar kaza ya sayar maka da kaya kaza, ya sa hannu da hatimi. Ka haɗa da shaidar tura kuɗi daga bankinka mai nuna sunansa da ranar. Wannan bai kai rasit ƙarfi ba, amma gaskiya ne, kuma ya kan wadatar a wasu lokuta.

Abin da ba za ka yi ba ko da wasa shi ne zuwa shagon buga takardu a haɗa maka rasit, ko ka canza rana ko adadi a kan na gaske. Masu dubawa sun ga irinsu da yawa: rubutun da bai yi daidai da sauran ba, lambar wayar da ba ta shiga, adireshin da babu shi. Dakatarwar da za a iya ɗagewa sai ta koma rufewa ta har abada, ga kuma laifin jabun takarda a gaban doka.

Ka sa wa kowane fayil lamba da suna mai ma'ana, na 1 rasit na Janairu, na 2 hoton ragowar kaya, haka har ƙarshe. Ka mayar da su `PDF` ko `JPG`, su ne aka fi karɓa. Buɗe kowanne a waya ka tabbata ana iya karanta ƙananan rubutun.

Mataki na 5: Rubuta wasiƙar

Shafi ɗaya ya isa, ya yi yawa ɗaya da rabi. Kasuwannin Najeriya da Turanci suke karɓar saƙo, a Nijar da sauran ƙasashe renon Faransa kuma Faransanci ne. Duk da haka ina ba da shawarar ka fara rubutawa da Hausa, domin a harshenka ne za ka gane ko maganar ta tsaya da ƙafarta. Daga baya a juya. A Amazon wannan takarda ana kiranta `Plan of Action`, kuma kashi ukun da suke nema su ne waɗanda na faɗa a farko. Tsarin yana aiki a kowace kasuwa. Ga yadda ta misalinmu za ta kasance:

Batu: Neman a sake duba dakatar da shago, sunan shago ……, lambar mai sayarwa ……, lambar saƙo ……

Zuwa ga Sashen Kula da Masu Sayarwa,

Bayan gaisuwa. A ranar 10 ga Maris kun dakatar da shagona saboda ƙorafi biyar a kan cajar waya mai lambar kaya ……. Na bincika, ga abin da na gano da abin da na yi.

Abin da ya jawo: Na sari wannan caja sau biyu. Guda 40 na farko daga dila mai izini ne, rasit yana takarda ta 1, kuma ba a dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba. A ranar 16 ga Fabrairu na sari guda 30 a wurin wani ɗan kasuwa ba tare da rasit ba, ban kuma gwada su ba kafin in sa su a sayarwa. Duk odar biyar da aka yi ƙorafi a kansu daga wannan sarin suke. Ba ni da takardar da za ta tabbatar da asalinsu. Sakacin nawa ne.

Abin da na riga na yi: A ranar 11 ga Maris na janye ragowar guda 12, hotonsu yana takarda ta 2, ba zan sayar da su a ko'ina ba. Na amince da mayar da kuɗin odar biyar ɗin, lambobinsu suna takarda ta 3. Akwai wasu oda 13 daga sarin nan, jerinsu yana takarda ta 4, a shirye nake in canza wa masu su ko in biya su ta hannunku. Na daina saye a wurin wancan ɗan kasuwa. A ranar 13 ga Maris na sari sabbi daga dila mai izini, rasit yana takarda ta 5.

Abin da zai hana maimaituwa: Ba na sa kaya a shafi sai rasit ɗinsa yana hannuna. Kowane sari ana shigar da shi littafi da rana da sunan dila, a ajiye shi a kwalinsa daban. Ni da kaina nake buɗe uku daga kowane kwali in gwada, in duba lambobinsu. Idan kaya suka yanke a wurin dila, ina mayar da adadinsu sifili a shafi har su dawo.

Ina roƙon a duba waɗannan takardu a buɗe mini shago. Idan akwai wata takarda da kuke bukata, ku sanar da ni ta wannan adireshi.

Na gode,
suna, sunan shago, lambar waya.

Ka lura da wasu abubuwa a cikinta. Ba a zargi mai saye ba, ba a zargi yaron shago ba, ba a ce maƙiya ne suka yi ƙulli ba. Idan yaronka ne ya yi kuskure, a idon kamfani kai ne ba ka sa ido ba, don haka tsarin sa idon za ka bayyana. Ka kuma lura ba a ce "jabu ne" ba, ba a kuma ce "na asali ne" ba. An faɗi iyakar abin da mai shago zai iya tsayawa a kai, wato ba shi da shaidar asalinsu. Ba ɓoye gaskiya ba ne, domin an nuna inda suka fito, an janye su, an kuma nemi a biya waɗanda suka saya. Idan kuwa kamfanin da ke yin kayan ya tabbatar maka jabu ne, to ka faɗa.

Kashi na uku shi ne wanda aka fi rubutawa sama-sama. "Zan ƙara kula" ba tsari ba ne. Tsari shi ne wa zai yi, me zai yi, yaushe, a ina ake rubutawa. Kuma kada ka yi alkawarin da ba ka da ƙarfinsa. Mai shago ɗaya da yaro ɗaya da ya ce ya kafa sashen tantance inganci, mai karantawa ya san ba haka ba ne.

Ban ɓoye maka ba, a zargin jabu ko wasiƙar ta yi kyau ana iya ƙin buɗewa, ko a buɗe shagon a hana ka sayar da wannan kayan. Idan sauran kayanka suna da yawa, kana iya cewa da kanka ka yarda a cire wannan kaya gaba ɗaya a bar maka sauran. Sau da yawa wannan ya fi sauƙin amincewa a wurinsu.

Mataki na 6: Juyawa zuwa Turanci

Idan Turancinka bai kai ba, nemi wanda ya iya ku zauna tare, kada ka ba shi ya tafi da ita. Ka ce masa Turanci mai sauƙi kake so, gajerun jimloli, babu ƙawa. 'Yan boko kan so su ƙara manyan kalmomi da dogon ban haƙuri, sai ainihin maganar ta nutse. Bayan ya gama, ya karanta maka yana mayarwa Hausa layi-layi, kai kuma kana duba ranaku da lambobi da takardunka a hannu. Lambar oda ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ta isa ta sa a ajiye fayil ɗin.

Kada ka kwafi wasiƙar wani daga intanet ka canza suna. Sun karanta ta kafin taka, kuma ba ta ambaci kayanka ba.

Mataki na 7: Aikawa da jira

Ka aika ta hanyar da saƙon dakatarwar ya nuna, ko maɓallin neman sake dubawa a cikin asusunka, ko amsa ga saƙon da kansa. Ka yi amfani da imel ɗin da ke kan asusun, domin saƙo daga wani adireshi ba a cika saurarensa ba. Idan an ba da wa'adi, kada ka bari ya wuce. Ka adana lambar da za a ba ka da hoton abin da ka tura.

Daga nan sai haƙuri. Idan sun faɗi kwanakin da za su ɗauka, ka jira su cika. Idan ba su faɗa ba, ka ba su mako guda na aiki, sannan ka aika tuni na layi biyu a kan wannan lambar, ba sabon ƙorafi ba. Buɗe sabon ƙorafi kullum yana rarraba maganarka a hannun mutane daban-daban, kowa ya zaci wani ne ke riƙe da ita.

A wannan lokacin ne tarko biyu ke jiran ka. Na farko, buɗe wani shago da sunan matarka ko ƙaninka. Kamfani na haɗa asusu ta lambar waya, asusun banki, adireshi, har da wayar da ake shiga da ita. Idan suka gano, duka biyun za su rufe, wasiƙarka kuma ta tashi a banza. Na biyu, masu cewa suna da mutum a ciki, ka biya su buɗe maka. Sukan ɓullo da zarar ka yi kuka a Facebook. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka, ko lambar da aka turo maka a waya, ko lambar BVN, ɓarawo ne, ko da hoton kamfanin ne a kan shafinsa.

Mataki na 8: Idan aka ƙi

Karanta amsar kamar yadda ka karanta saƙon farko. Galibi takan nuna inda aka gaza: ba a gamsu da tushen matsala ba, ko rasit bai cika ba, ko ba a iya samun dila ba. Wannan wurin kaɗai za ka gyara. Kada ka sake tura tsohuwar wasiƙar yadda take. Ka fara sabuwar da cewa ga abin da kuka ce ya rage, ga shi na kawo. Idan ba ka da sabon abu a hannu, ka dakata har ka samu, domin wasu kasuwanni suna daina amsawa bayan an maimaita musu abu ɗaya.

Maganar kuɗin da aka riƙe daban take da maganar buɗe shago, kada ka cusa ta cikin wasiƙar farko. Kasuwanni sukan riƙe kuɗi na wani lokaci don biyan masu dawo da kaya. A Amazon yakan kai kwana 90, sauran kuma ka duba yarjejeniyarku. Jiji kuwa galibi haɗa mai saye da mai sayarwa take yi su biya juna, don haka a can tallanka da kuɗin tallan da ka biya ne abin magana. Idan wa'adin ya cika, rubuta wasiƙa ta daban mai lissafi: jimillar ciniki, a cire kason kamfani, a cire abin da aka mayar wa masu saye, ga abin da ya rage, ga asusun da za a biya. Idan kana da kaya a rumbunsu, ka nemi jerinsu da ranar da za ka je ɗauka, ka tafi da katin shaida, ka ƙirga a gabansu kafin ka sa hannu.

Idan ka rubuta, wa'adi ya wuce, aka yi shiru, a Najeriya kana iya kai ƙorafi ga hukumar FCCPC mai kula da gasa a kasuwanci da kare masu saye, ko ka kai wa lauya yarjejeniyar ya duba sashen da ya faɗi yadda ake warware saɓani, domin wasu sun shar'anta a bi ta sulhu kafin kotu. Duk inda ka nufa, abin da za a fara tambayar ka shi ne saƙon dakatarwa, kwafin kowace wasiƙa da ranarta, da amsoshin da aka ba ka, don haka ka tara su a fayil ɗaya tun daga ranar farko, kwafi ɗaya a waya, ɗaya a buge a takarda.